Naman safe, naman tebur ko na firiza: wanne za ka saya a bazara, kuma a cikin me za ka kai shi gida?

A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai digiri 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, a Sakkwato da Maiduguri kuma ya haura haka. Jikin saniya mai rai yana tsakanin digiri 38 da 39. Wato naman da aka yanka da asuba aka shimfiɗa a tebur, ba shi da inda zai huce, domin iskar da ke kewaye da shi ɗuminta ɗaya da na dabbar. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci a gaban mahauci a wannan lokaci ita ce: awa nawa naman nan ya yi tun da aka sa masa wuƙa, kuma awa nawa zai ƙara kafin ya shiga tukunya? Kyan ido da araha da yawan gyara duk suna bayan wannan.

Ƙwayoyin cutar da ke lalata nama, da waɗanda ke sa amai da gudawa irin su Salmonela, suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗakarwa. Inda suka fi jin daɗi shi ne kusa da ɗumin jikin mutum, kuma a nan wasunsu kan ninka kansu kowane minti 20. Ƙwaya ɗaya ta zama 8 a awa guda, 64 a awa biyu, ta haura 4,000 a awa huɗu. Wannan shi ne iyakar saurinsu, ba kullum suke kaiwa haka ba. A awannin farko bayan yanka sukan ɗan yi jinkiri, kuma idan saman nama ya sha iska ya bushe, yaɗuwarsu takan ragu. Amma lissafin yana nuna abu guda da ya kamata mai cefane ya riƙe: awar farko ba ta da tsada, awa ta biyar da ta shida su ne masu ɓarna.

Akwai abu na biyu. Cikin tsokar dabba mai lafiya kusan babu ƙwayar cuta. A saman nama suke, sun hau ne daga fata lokacin fiɗa, daga kashin hanji idan wuƙa ta huda shi, daga daɓen kwata, kututturen sara, hannun mai tayawa da ƙafar ƙuda. Duk lokacin da wuƙa ta ratsa nama, ta buɗe sabon fili ta shafa masa abin da ke jikinta. Wannan zai dawo mana idan muka zo maganar yayyanka nama a kasuwa.

Naman safe na kwata

Wannan shi ne naman da za ka samu a abbatuwa ta Fagge ko kwatar garinku tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe. Da ɗuminsa za ka taɓa shi, wani lokaci ma tsokar tana ɗan motsi. Launinsa ja ne mai duhu, ya ɗan yi shunayya inda aka yanka yanzu, sai bayan ya sha iska na wasu mintuna ya koma ja mai haske. Kada wannan duhun ya tsorata ka, haka sabon yanka yake. Idan ka danna shi da yatsa ramin ya cike nan take, hannunka ya ɗan jiƙe amma ba ya kamawa, ƙamshinsa kuma ƙarnin jini ne kawai.

Fa'idarsa a fili take: agogonsa bai yi nisa ba. Ga zaɓi, domin cinya da ƙirji da haƙarƙari da tozo duk suna rataye, ba ragowar wasu za ka ɗauka ba. A manyan mayanka kuma akwai likitocin dabbobi da ke duba dabba kafin yanka da bayansa, ko da yake idonka shi ne mai dubawa na ƙarshe.

Aibinsa biyu ne. Na farko, zafi ka saya. Kilo biyu na nama mai ɗumin digiri 35 a ƙulle cikin leda ba zai huce a hanya ba, zufa zai yi. Na biyu ya shafi tauri. Awanni kaɗan bayan yanka tsoka takan sandare, kuma a zafi sandarewar tana zuwa da wuri. Naman da aka dafa yana cikin wannan hali yakan yi tauri ya ci itace ko gas, shi ya sa uwargida kan ce naman yau ya ƙi nuna alhali ba tsohuwar saniya ba ce. Idan ya kwana ɗaya ko biyu a firji mai sanyi na gaske, tsokar takan saki. Mai wutar lantarki tsayayya zai iya cin wannan riba. Wanda ba shi da ita ya haƙura da tauri ya ƙara wuta, kada ya ajiye nama a ɗakin girki wai don ya yi laushi.

A naman safe ma akwai wanda nake gujewa: wanda ya yi duhu sosai kamar zai yi baƙi, ya yi tauri, samansa a bushe yana ɗan kama hannu, kuma ko ya sha iska ba ya haske. Irin wannan yakan fito ne daga dabbar da ta galabaita kafin yanka, ta sha doguwar tafiya a tirela ko a ƙafa, da yunwa da duka. A dabbar da ta huta, sukarin da ke ajiye a tsoka yana juyewa ya zama wani ɗan tsami bayan yanka, kuma tsamin nan yana rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi. Dabbar da ta ƙone sukarinta a wahala ba ta da wannan kariya, sai namanta ya riga na sauran lalacewa. Ba haram ba ne, ba guba ba ne, amma ba naman ajiya ba ne kuma ba naman doguwar hanya ba ne.

Naman tebur na kasuwar unguwa

Yawancinmu a nan muke saye, domin ba kowa ne zai bar aiki ya tafi kwata da sassafe ba. Mahaucin Tarauni ko na Rimi ko na bakin titin unguwarku shi ma daga kwata ya ɗauko, a bayan babur ko cikin Adaidaita Sahu, ya iso da shi wajen ƙarfe tara ko goma. Idan ka zo masa da hantsi, bambancinsa da naman kwata kaɗan ne, har ma ya fi shi da abu ɗaya: gidanka kusa ne, minti goma ka isa. Ga wanda ke zaune nesa da kwata kuma ba shi da kula, naman teburin unguwa na ƙarfe goma ya fi naman kwata na ƙarfe takwas da zai yi awa biyu a leda.

Matsalar tana farawa ne daga azahar. Naman da ke tebur ƙarfe uku na rana ya kai awa takwas ko tara a cikin zafi, ya sha hannun masu tayawa, ya sha ƙuda. A nan ne ya kamata mutum ya san karatun nama.

Fara da tambaya, kuma ka yi ta da girmamawa. "Malam, na yau ne ko kwantai?" Mahaucin da ya san kai abokin ciniki ne na kullum zai ce maka, "Alhaji, wannan ɓangaren na jiya ne, ya kwana a ƙanƙara, ga na yau nan." Irin wannan mahauci ka riƙe shi ko da kashinsa ya fi na maƙwabcinsa ƙanƙanta. Kwantai da ya kwana cikin sanyi na gaske ba laifi ba ne idan yau za a dafa shi. Wanda ya kwana a ƙarƙashin tebur cikin buhu, aka shafa masa jinin sabon yanka da safe don ya yi ja, shi ne abin tsoro.

Sannan ka ce ya juya maka yankan. Saman da ke kallon iska zai iya bushewa ya yi duhu ko ruwan ƙasa, wannan iska ce ta taɓa launin, ba lallai lalacewa ba ce. Gaskiyar tana ƙasa, inda naman ya kwanta a kan tebur, da cikin lunguna, da jikin ƙashi. Idan wurin ya yi toka-toka ko ya soma kore, ko ka shafa ka ji yauƙi yana bin yatsa, a bar shi. Ka kai hanci kusa da ƙashi, don daga nan bashi yake fara tashi. Ƙarni daban, tsami da bashi daban, kuma hancin da ya saba da ɗakin girki ba ya rikita su. Ramin yatsa da ya ƙi cikewa alama ce ta naman da ya saki don daɗewa.

Wasu mahauta suna yayyafa wa nama ruwa da rana don ya yi sheƙi. Ni na fi son naman da samansa ya ɗan bushe a kan wanda ke ɗigar ruwa, saboda danshi shi ne abin da ƙwayoyin cuta ke jira, ruwan kuma ba ka san daga wace rijiya ko bokiti ya fito ba. Haka nan nama a rataye ya fi na kwance, teburin tayil ko na ƙarfe ya fi katakon da ya tsattsage ya sha jinin shekaru. Idan kuma ka tarar da teburin da ko ƙuda ɗaya bai sauka ba alhali na kusa da shi sun cika, babu raga, babu fanka, babu mai kora, to ka sunsuna da kyau. Jin warin maganin ƙwari a jikin nama dalili ne na tafiya ba tare da ciniki ba, domin dahuwa ba ta cire shi.

Kitse kuma mutane suna yi masa mummunar fahimta. Kitsen shanunmu na kiwo, musamman waɗanda suka manyanta, yakan yi ɗorawa-ɗorawa saboda ciyawar da suka ci, kuma wannan ba cuta ba ce. Na rago da na akuya fari ne. Abin gudu shi ne ɗorawar da ta bi ko'ina, har jijiya da tantani da guringuntsi, wadda ke nuna dabbar ta yi shawara, ko kitsen da ya zama kamar ruwa-ruwa mai santsi a jikin dabbar da ta rame.

Araha da yamma tana da jan hankali, na sani. Mahauci yana son ya rabu da kaya kafin magariba, kashin da ya hana ka da safe yanzu zai ƙara maka gyara. Idan naman ya tsallake gwajin ido da hanci da yatsa, kuma daga kasuwa tukunya zai faɗa kai tsaye, ana iya saye. Amma kada a sayi naman yamma don ajiya, ko a firiza. Sanyi yana tsayar da agogo ne, ba ya mayar da shi baya.

Naman firiza

Shagunan da ke sayar da daskararren nama da kaji sun yawaita a birane. A ƙa'ida wannan ne ya fi dacewa da doguwar hanya, domin dunƙulen nama mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri shi ne ƙanƙarar kansa, zai yi awa guda a cikin kula bai narke ba. Sharaɗin shi ne a ce sanyin bai taɓa yankewa ba tun da aka sa shi, kuma a ƙasar da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan sharaɗi ne mai nauyi. Naman da ya narke ya sake daskarewa yana barin shaida: jini ko jan ruwa da ya taru a gindin leda ya daskare, manyan ƙwayoyin ƙanƙara a cikin ledar, yankuna da suka manne suka zama curi guda, gefe mai laushi alhali tsakiya da tauri. Wahalar ita ce hanci ba ya aiki a kan daskararren nama, sai ka kai gida ya narke sannan ka ji abin da ka saya. Don haka a nan shagon kake saye kafin naman: yana da sola ko janareta da ke aiki, kayansa suna tafiya da sauri, kuma idan ka buɗe firizar komai a ciki kamar dutse yake.

Watanda ma hanya ce, kuma inda ake yinta da tsari ta fi duka, tunda kun ga dabbar da ranta kuma kun san lokacin yanka. Abin da ke ɓata ta shi ne rabo: a kasa nama a kan tabarma ko buhu tun ƙarfe takwas, ana jiran wane da wane, har azahar. A yanka da asuba, a raba a inuwa, kowa ya aiko a ɗaukar masa kasonsa da wuri. Game da kaza kuma, mai rai da ka kai gida aka yanka ba ta da agogo ko kaɗan, ta fi wadda aka fige a kasuwa cikin ruwan ɗumin da kaji da yawa suka riga ta shiga.

Ba kowane yanki ne ke jure hanya ba

Babban yanki na tsoka, kilo ɗaya ko biyu a dunƙule, shi ne ya fi jurewa, don filin da ƙwayoyin cuta za su hau kaɗan ne. Da zarar ka ce wa mahauci ya yayyanka maka ƙanana, ka ninka wannan fili sau da yawa, kuma kowane yanka ya shafi kututturen da aka yini ana sara a kai. Idan gida kusa ne babu damuwa. Idan da nisa, ka ce ya sare maka ƙashi kawai, tsokar a yanka ta a gida. Niƙaƙƙen nama shi ne ƙarshen rauni: abin da ke sama ya shige ciki gaba ɗaya, injin kasuwa kuma ba a wanke shi tsakanin mai saye da mai saye. Mai son yin sambusa ko fanken nama ya sayi tsoka ya niƙa ko ya daka a gida.

Kayan ciki sun fi tsoka saurin lalacewa, kuma su ne suke fallasa lafiyar dabba. Hanta mai kyau sumul take, launinta ɗaya, gefenta da kaifi. Ka sa a tsaga maka ita: idan ka ga hanyoyi farare masu kauri kamar bututu, wuƙa tana ƙaras-ƙaras a kansu, ko wata tsutsa mai faɗi kamar ganye ta fito, tsutsar hanta ce, wadda shanu ke ɗauka a fadama. Huhun da ke da ƙulli-ƙulli masu tauri, in an tsaga a ga abu mai ɗorawa kamar cuku ko alli, yana iya zama tarin fuka na shanu, kuma yana kama mutum. A zuciya da harshe da naman kumatu a duba wasu fararen ƙwayoyi masu girman ƙwayar shinkafa ko wake, 'ya'yan tsutsar ciki ne da ke girma a hanjin mutum idan naman bai dahu ba. Tumbi da hanji kuwa da kayansu suke zuwa, ko an ɗauraye su. Kada su taɓa haɗa leda da tsoka ko hanta. Kayan ciki na safe ne kawai, bayan azahar ba na saye ko da kyauta aka haɗa mini.

Naman da jini ya cika jijiyoyinsa, ya yi jajir har cikin kitse, alama ce ta dabbar da jininta bai fita sosai ba, ko dai an yanka ta tana gargara ko ma ta riga ta mutu. Ban da haramcin mushe, akwai haɗari na zahiri. A watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar antiraks a wata gona da ke yankin Suleja a jihar Neja. Dabbar da wannan cuta ta kashe takan faɗi farat ɗaya, jini baƙi da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, kuma ko taɓa namanta yana iya sa wa mutum cutar. Naman da aka shigo da shi unguwa a buhu, ba a san inda aka yanka ba, ana sayarwa rabin kuɗi, ba abin saye ba ne.

Leda, kwano ko kula

Baƙar leda ita ce abin da mahauci zai miƙo maka, kuma tana da muni ƙwarai ga nama mai ɗumi. Tana tsare zafi, tana tara gumi, baƙin launinta yana jan rana. Ka rataye ta a hannun babur ko ka jefa ta a but ɗin mota da aka ajiye a rana, inda zafi ke wuce na waje nesa ba kusa ba, ka haɗa wa ƙwayoyin cuta duk abin da suke so. Ma'aikatar noma ta Amurka tana ba da ƙa'idar cewa kada ɗanyen nama ya wuce awa biyu a wajen sanyi, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. A can ana maganar naman da ya fito daga firji ne, namu kuwa ya riga ya ci wasu awanni a tebur. Don haka a bazara leda ta tafiyar rabin awa ce, a inuwa, kuma kada a ɗaure bakinta tamau. Takardar siminti da tsohuwar jarida suna shan danshi, amma ƙurar siminti da tawada ba abin ci ba ne, kada su taɓa naman kai tsaye.

Kwanon silba ko roba mai murfi da ka taho da shi daga gida ya fi leda tsafta, ba ya hujewa, ba ya ɗiga a kan tumatir da latas. Idan ka naɗe kwanon silba da jiƙaƙƙen tsumma, iskar hanya za ta ɗan rage masa zafi, musamman a busasshiyar iskar Maris da Afrilu, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Amma wannan ragi ne na 'yan digiri, ba zai kai nama ƙasa da digiri 5 ba, kuma da damina ta kusa iska ta yi danshi dabarar takan daina aiki.

Kula da ƙanƙara ita kaɗai ce ke tsayar da agogo. Kula ba tare da ƙanƙara ba kuwa ta fi leda sharri ga naman safe, domin aikinta riƙe abin da aka sa mata: ka sa zafi, ta riƙe maka zafi. Mutane da yawa suna wannan kuskure da zuciya ɗaya.

Bari mu ɗauki misali. Magidanci yana zaune a Mariri da ke gefen birnin Kano, ya je abbatuwa ranar Asabar a watan Afrilu don sayen naman mako: kilo biyu na cinya, rabin kilo na hanta, da ɗan tumbi. Zai kuma tsaya 'Yankura ya sayi kayan miya. In ya fara da nama ƙarfe takwas, ya yi awa guda a 'Yankura, ya jira abin hawa, ya sha cunkoso, zai iya isa gida sha ɗaya saura. Naman da aka yanka ƙarfe shida ya kusa awa biyar a zafi, kusan uku daga ciki a ƙulle cikin leda. In ya juya tsarin, ya gama da 'Yankura tukuna, nama ya zama sayayyar ƙarshe, lokacin da naman zai yi a hannunsa ya ragu zuwa awa guda ko ƙasa da haka, sauran lokacin kuma naman yana rataye yana shan iska a wurin mahauci, wanda ya fi zaman leda.

Ƙanƙara nawa zai ɗauka? Kilo ɗaya na ƙanƙara, kafin ya gama narkewa, yana iya sauko da kimanin kilo uku na nama daga digiri 35 zuwa kusa da digiri 5, in da babu zafin da ke shigowa daga waje. Amma zafi yana shigowa ta jikin kula da duk lokacin da aka buɗe murfi, don haka ƙa'ida mai sauƙin riƙewa a bazara ita ce nauyin ƙanƙara ya kusanci nauyin nama. Ledar fiya wata rabin lita ce, wato rabin kilo. Kayan magidancin nan sun kusa kilo uku, sai ya nemi daskararrun fiya wata biyar ko shida, ko gorunan ruwa da aka daskarar. Sun fi fasasshiyar ƙanƙarar bulo, domin idan sun narke ruwan yana cikin ledarsa, ba ya jiƙa nama. Ya shimfiɗa biyu a ƙasa, ya ɗora tsokar a ledarta, ya raba ta gida biyu don sanyi ya ratsa, ya sa hanta a tata ledar a jikin ƙanƙara, tumbi a leda biyu a can gefe a ƙasa yadda ko ya ɗiga ba zai sauka kan kowa ba, sauran ƙanƙarar kuma a sama, tunda sanyi ƙasa yake gangarowa. Kular ta zauna a inuwa kusa da ƙafarsa, ba a but ba. Ruwan ledojin nan kuma ba na sha ba ne bayan sun kwanta da ɗanyen nama. A cikin awa guda tsakiyar cinyar ba za ta yi sanyi ba, amma samanta zai yi, kuma a saman ne ƙwayoyin suke.

Wanda ba shi da kula, bokitin roba mai murfi da aka naɗe da tsohon tawul ko buhu zai yi aikin na awa guda.

Idan an isa gida

Hanta da tumbi su hau wuta a ranar. Tsokar a raba ta daidai girkin kowace rana, a baje ta fale-fale a leda maimakon curi, don ta daskare da wuri. Ba a wanke naman da za a ajiye, sai lokacin dafawa, kuma a cikin kwano, kada ruwan ya fantsama kan kayan da za a ci ɗanye. A firji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa, tsoka takan yi kwana uku zuwa biyar, kayan ciki da niƙaƙƙen nama kwana ɗaya zuwa biyu, kuma naman da ya sha zafin kasuwa a ɗauki ƙaramin adadin. In wuta ta ɗauke, firji yana riƙe sanyi kimanin awa huɗu idan ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya kusan kwana biyu, mai rabin kaya kwana ɗaya. A ɗakin da ya ɗau zafin bazara a rage wa waɗannan adadi.

Gidan da wutarsa ba abin dogaro ba ce, dabarar iyayenmu ta fi firizar da ke narkewa tana daskarewa: a tafasa naman da gishiri da albasa da zarar ya shigo, har tsakiyarsa ta daina ja, a soya shi ya bushe sosai, a bar shi ya sha iska a cikin kwando ko gwagwa, kada a rufe shi da zafinsa, sannan a riƙa ɗumama shi sosai safe da yamma. Zafin digiri 70 har tsakiyar nama yana kashe ƙwayoyin cuta da 'ya'yan tsutsa. Abin da ba ya kashewa shi ne dafin da wasu ƙwayoyi ke zubarwa idan sun samu awanni suna yaɗuwa, musamman a kan dafaffen naman da hannu ya taɓa aka bar shi a ɗumi. Wannan dafi yana jure tafasa, yakan tayar da amai cikin awa ɗaya zuwa shida bayan ci, kuma ba ya wari. Saboda haka naman da ya yi yauƙi ko bashi, wanke shi da lemon tsami ko toka ko kanwa zai iya ɓoye warin, amma bai mayar da shi abin ba yara da mai ciki da tsofaffi ba. A zubar.

Idan za a tara zaɓin wuri guda ga mai cefanen bazara: wanda gidansa ke tafiyar rabin awa daga kasuwa kuma yau za a dafa, ya sayi naman teburin unguwa kafin sha ɗaya na safe, a kwano mai murfi. Mai sayen na mako ko mai doguwar hanya ya je kwata da safe da kula da ƙanƙara, ya sayi manyan yankuna, nama ya zama abu na ƙarshe da zai saya. Wanda ba zai samu fita ba sai yamma, ya nemi shagon firiza da ya yarda da wutarsa, ko ya sayi kaza mai rai, ko kuma ya ɗauki ɗan abin da za a dafa a daren daga hannun mahaucin da ya saba gaya masa gaskiya.